Kumfar da Ta Ƙi Kwanciya a Kaskon Ƙosai

Wata yarinya mai ƙosai a wata unguwa cikin birnin Kano ta shiga damuwa, domin man gyaɗarta ya koyi wata ɗabi'a da ba ta san shi da ita ba. Ranar da ta zuba sabo, lafiya lau yake suya. Washegari kuwa, da ta saka ƙullu sai kumfa ta taso ta rufe ƙosan, ta haura har bakin kasko. Ƙosan ya fito jiƙe sharkaf da mai, litar da ke kai ta kwana uku ta koma ƙarewa a biyu. Maƙwabta har sun fara raɗe-raɗin ko baki ne ya kama sana'ar. Ita dai ta aika aka kira gwaggonta, wadda ta tsufa a gaban murhu.

Zargin farko kan mai sayar da man ya faɗa, wataƙila ya gauraya shi da wani abu. Amma jarka guda suke saya su raba da ƙanwarta mai suyar awara, ita kuwa ba ta ga komai ba. Gaskiya ne man gyaɗa na gargajiya yakan yi ’yar kumfa a ɗorawar farko, sai dai tana kwanciya da ya yi zafi. Wannan kuwa sai a rana ta biyu take zuwa, wato wani abu ne ke samun man bayan ya shigo gidan.

Sai aka koma kan wuta. Suya mai kyau tana tsakanin digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya wuce haka man yana saurin ƙonewa, musamman lokacin da aka bar kasko a kan wuta babu komai ciki ana jiran masu saye. Gwaggo ba ta da ma'auni, ɗan ƙullu ta ɗiga. Ya nutse kaɗan, ya taso nan da nan yana ƙara, bai yi baƙi ba. Ta kuma lura yarinyar tana janye itace idan ciniki ya lafa. Wuta ta fita daga zargi. Gishiri ma haka, don a cikin ƙullu yake daidai misali, ba a barbaɗa shi a kan kasko.

Daga nan tsohuwar ta zauna ta zuba wa kumfar ido, kuma a ganina nan ne gwanintar take. Kumfa iri-iri ce. Akwai ta ruwan da ke fita daga ƙullu: manya ce, tana fashewa take, kuma tana raguwa yayin da ƙosai ke nuna. Akwai ta man da ya tsufa: ƙanana ce, tana manne wa juna, ba ta kwanciya. Amma wannan ta biyun ba ta zuwa ita kaɗai. Tare take da duhun launi, da kauri, da hayaƙi tun zafi bai kai na suya ba, da maƙaƙi a maƙogwaro. Gwaggo ta ɗebo man da matsami ta ɗaga shi ga haske. Launinsa garau, yana zuba kamar sabo, babu ƙauri.

Ta ce, “’Yar nan, kumfar ta tsohon mai ce, amma man yaro ne. Me kike yi masa da daddare?”

“Tacewa kawai, Gwaggo. Da can da rariyar waya nake yi, sai na ga ɓurɓushi yana wucewa, na koma tacewa da ƙyalle.”

“Yaushe kika koma?”

Yarinyar ta yi shiru tana lissafi. Makon da ta fara amfani da ƙyalle, a makon ne kumfa ta fara.

Komawa ga ƙyalle ba kuskure ba ne. Ɓurɓushin ƙullu da ya kwana a mai yana ƙonewa a suya ta gaba, ya baƙanta man, ya ba shi ɗaci, kuma rariya ba ta kama masu laushin. To, me ya sa gyara ya zama ɓarna? Aka ɗauko ƙyallen, fari tas, yana ƙamshi. Gwaggo ta tsoma shi a ruwan ɗumi ta matse, sai ga kumfa a saman ruwan, yatsunta kuma suna santsi. Da garin sabulu yarinyar take jiƙa shi kullum don ya saki maiƙo, sannan ta ɗauraye sau ɗaya ta shanya, saboda ruwa saye ake yi a unguwar.

Don a kawar da shakka, aka raba sabon mai gida biyu. Aka bi da rabi ta cikin ƙyallen, rabi aka bar shi, aka soya ƙullu guda a kowanne. Wanda ya bi ta ƙyalle ne kaɗai ya yi kumfa.

Dalilin a fili yake. Aikin sabulu shi ne ya sa mai da ruwa su kama juna. A kasko kuwa akasin haka ake so: tururin da ke fita daga ƙosai ya tura man waje, bayan ya bushe ya yi ƙaras. Idan sabulu ya shiga, ko ɗan kaɗan ne, kumfar tururin ba ta fashewa, man yana ratsa ƙosan, kuma shi kansa man yana saurin lalacewa. Toka da kanwa ma suna iya jawo haka, don idan suka haɗu da man da aka riga aka yi suya da shi, sabulu suke haifarwa a cikinsa. Saboda haka kaskon da aka goge da toka ba a ɗauraye sosai ba, shi ma abin dubawa ne.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Farin yadin auduga ninki biyu a kan rariya, a wanke shi da ruwan zafi, a ɗauraye har santsi ya ɓace, a bi da ruwan da aka matsa lemun tsami, a sake ɗaurayewa, ya bushe ƙayau kafin a taɓa mai da shi. Ana tacewa man na da ɗumi, don idan ya huce ba ya saurin wucewa, idan kuma da zafinsa ne zai ƙona hannu ya narkar da roba. Lakar da ta kwanta a gindin kasko ba a haɗa ta. Sannan a juye man a mazubi mai murfi, a ajiye a inuwa, kada ya kwana a buɗe cikin kaskon ƙarfe, domin iska da ƙarfe suna tsufar da shi.

Yarinyar ta so ta ceci man da ya riga ya sha sabulu ta hanyar ƙara masa sabo. Gwaggo ta hana, kuma ina tare da ita. Ƙyalle ɓurɓushi yake kamawa, abin da ya narke cikin mai kuwa wucewa yake yi, ya ɓata sabon da aka zuba. Haka yake ga man da ya tsufa da gaske. A ƙasashen Turai da dama ana auna lalataccen ɓangaren man suya da na'ura, kuma ana zubar da shi idan ya kai kashi 24 zuwa 27 cikin ɗari, gwargwadon ƙa'idar kowace ƙasa. Mai suya a bakin titi ido da hanci da harshe gare ta. Idan man ya fara hayaƙi kafin ƙullu ya taso, ko yana zuba da yauƙi, ko ƙosai ya yi baƙi a waje cikinsa ɗanye, ko ya bar maƙaƙi, to bai dace a ci gaba da ciyar da ’ya’yan mutane da shi ba, komai tsadar jarka. Ba a kuma zuba shi a kwata, don toshe ta yake yi. Na yarinyar, mai haɗa sabulun wanki a bayan layinsu ta saye shi a rabin kuɗi.