Kwana bakwai kafin jarrabawar ka'idar lissafin kwamfuta

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta da yawa sun fi jin tsoron darasin ka'idar lissafi a kan kowane darasi, domin babu manhajar da za a rubuta a ga ta yi aiki, sai da'irori da kibiyoyi da hujjoji. Amma darasin tambaya ɗaya yake yi tun daga farkonsa har ƙarshensa: wane irin inji ne zai iya gane wannan rukunin kalmomi, kuma me yake bukatar ya riƙe a ransa kafin ya gane shi? Wanda ya rage masa mako guda, a kan wannan tambaya ya kamata ya gina bitarsa, da fensir da takarda, awa uku a kullum: awa ɗaya ta karatu, awa biyu na warware tambayoyi.

A nan "kalma" na nufin jerin alamomi kamar aabb, "harshe" kuma tarin kalmomin da suka cika wani sharaɗi. Noam Chomsky ya jera ire-iren nahawu hawa-hawa a shekarar 1956, kuma kowane hawa yana da injin da ya dace da shi. Bitar makon za ta bi wannan tsani daga ƙasa zuwa sama.

Ranar farko da ta biyu na injin da ake rubutawa DFA ne da ɗan'uwansa NFA. Wannan inji ba shi da wurin ajiya, abin da ya sani kawai shi ne matsayin da yake tsaye a kai. Saboda haka kafin ka zana da'ira ko ɗaya, ka tambayi kanka abin da kowace da'ira za ta tuna. Ɗauki injin da zai karɓi lambar da aka rubuta da 0 da 1 idan tana rabuwa da uku. Abin tunawa shi ne ragowar da ke saura bayan an raba, wato 0 ko 1 ko 2, don haka matsayi uku sun isa. Duk alamar da ta shigo, sai a ninka ragowar biyu, a ƙara alamar, a sake rabawa da uku. Gwada 110, wato shida: daga 0 ka je 1, daga 1 ka dawo 0, ka zauna a 0, an karɓa. Gwada 111, wato bakwai: za ka ƙare a 1, an ƙi. Duk injin da ka zana ka gwada shi haka, har da kalmar da babu komai a cikinta, domin a nan kuskure ya fi ɓuya. A rana ta biyu ka mayar da NFA zuwa DFA sau uku ko huɗu, ta hanyar da Rabin da Scott suka nuna a 1959. Inji mai matsayi uku zai iya haifar da har takwas, amma waɗanda ake iya kaiwa gare su kaɗai za ka rubuta.

Rana ta uku ita ce zuciyar makon, ka ba ta ga hujjar da ake kira famfin lema, wadda ke nuna iyakar wannan inji. Harshen gwajin shi ne kalmomin da ke farawa da wasu a, sannan b daidai yawansu ya biyo baya. A ce wani ya zo da inji mai matsayi biyar, ya ce yana gane harshen. Sai ka ba shi aaaaabbbbb. Kafin ya gama karanta a biyar ɗin, ya taka matsayi sau shida idan aka haɗa da mafari, alhali biyar gare shi, dole ke nan ya maimaita wani. A ce inda ya tsaya bayan a ta biyu nan ya dawo bayan ta huɗu. To ya yi zagaye, kuma ba shi da hanyar sanin sau nawa ya zaga. Idan ka ƙara masa a biyu, zai karɓi a bakwai da b biyar, kalmar da ba ta cikin harshen. Da'awarsa ta rushe.

Kuskuren da ya fi cinye maki a nan shi ne ɗalibi ya zaɓi wurin zagayen da kansa. Kalmar ce taka, kai kake zaɓenta, amma wurin da za a yanka ta na abokin gardamarka ne, kuma dole hujjarka ta tsaya ko ina ya yanka cikin sharuɗɗan. Idan ka ga amsarka ta ce zagayen a ɗaya ce tak, ka tsaya ka sake. Ka kuma tuna cewa wannan hujja korewa kawai take yi, ba a tabbatar da cewa inji na gane harshe da ita.

Rana ta huɗu ta nahawu ce, kuma da harshen jiya za ka shiga:

```
S → aSb | ε
```

Daga S ka sami aSb, daga nan aaSbb, sai ka shafe S ka sami aabb. Injin da ya dace da wannan shi ne PDA, wanda aka ƙara wa wurin ajiya mai kama da tarin faranti, na sama kaɗai ake iya ɗauka. Kowace a ya ɗora faranti, kowace b ya sauke ɗaya. Da yamma ka ƙara c a ƙarshen harshen, yawansu ɗaya da na a da na b, za ka ga farantan sun ƙare kafin a zo ƙirga c. Wannan gazawa ce ƙofar rana ta biyar, ranar injin da Alan Turing ya bayyana a 1936, mai dogon zare da yake karantawa, yake rubutu a kai, yake kai da komo. Shi zai soke a ɗaya da b ɗaya da c ɗaya, ya dawo ya maimaita har su ƙare.

Rana ta shida ta abin da ba ya yankuwa ce. Ka fara da bambance injin da kullum yake tsayawa ya ce i ko a'a, da wanda idan amsar i ce zai faɗa, idan a'a ce yana iya yin ta aiki har abada. Sannan ka rubuta hujjar matsalar tsayawa da hannunka, littafi a rufe. A ce akwai mai hukunci da ke faɗin ko kowane inji zai tsaya. Sai a ƙera wani injin da ke tambayarsa game da kansa, ya kuma saɓa wa duk abin da ya faɗa: in an ce zai tsaya ya ƙi tsayawa, in an ce ba zai tsaya ba ya tsaya. Ko ta ina hukuncin ya zama ƙarya, don haka babu irin wannan mai hukunci. Idan aka ba ka sabuwar matsala, ka lura da alƙibla: za ka nuna cewa da sabuwar tana yankuwa, da matsalar tsayawa ma ta yanku. Wanda ya juya ta baya bai tabbatar da komai ba.

A rana ta bakwai kada ka buɗe sabon babi. Ka ɗauko takardar jarrabawar bara, ka sa agogo, ka amsa ta kamar kana cikin ɗakin jarrabawa, sannan ka koma kan ranar da ta fi ba ka wuya. Kafin ka kwanta, ka rubuta harsunan nan huɗu a takarda guda, kowanne da injinsa da dalilin da ya sa injin da ke ƙasa da shi ya kasa. Idan ka iya bayyana wa abokin karatunka wannan takarda da baki ba tare da duba littafi ba, to ka shirya.