Bango ya sake tsagewa bayan an yi filasta: abin da wasiƙar injiniya ke faɗa wa mai gida a Maiduguri

Da yawa daga cikin mutanenmu da ke neman abinci a Legas, Ibadan, Anaca ko Fatakwal suna da gida a Arewa, kuma ta waya suke jin labarinsa. Waɗanda gidajensu ke Maiduguri ba za su manta da ranar 10 ga Satumba 2024 ba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya shafe unguwanni irin su Gwange da Fori da Gamboru, har ya shiga Kasuwar Monday. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Gidajen ƙasa da yawa sun zube a lokacin. Na bulo kuwa da dama sun tsaya, sai daga baya suka fara nuna ciwon da ke ƙarƙashinsu.

Wani ɗan uwa mai sana'ar banda a Legas yana da gida mai ɗaki huɗu a Gwange. Bayan ruwa ya janye ya aika kuɗi aka cike ƙananan tsagu, aka yi filasta da fenti. Damina ɗaya ta wuce, sai iyalinsa suka turo hoto: bangon baya ya buɗe, ƙofar ɗakin kusurwa ba ta rufuwa sai an doka ta. Birkila ya ce a ƙara siminti. Shi kuma ya nemi injiniya mai binciken ƙasar gini, kuma ga abin da wasiƙar da ya samu ta ƙunsa, an ɗan sassauta harshenta don kowa ya gane.

Assalamu alaikum, Alhaji.

Na je gidan sau huɗu cikin wata uku. Zan fara da abin da ya fi damunka: gidan ba zai faɗi gobe ba, amma kusurwar baya tana nitsewa, kuma har yanzu ba ta tsaya ba. Filasta ba za ta yi maganin wannan ba.

Ga yadda na gane. Tsagar da ke bangon baya ta taso daga gefen taga, ta bi layin bulo kamar matakala ta nufi sama. A ƙasa siririya ce, a sama kuwa ta buɗe. Ta ratsa bangon gaba ɗaya, ana ganin ta daga ciki ana ganin ta daga waje. A bangon gefe ma akwai irinta, su biyun sun sa kusurwar a tsakiya. Tsagar filasta ba haka take ba. Ita siririya ce kamar gashi, tana warwatsuwa ko'ina, idan ka kankare filastar za ka ga bulo lafiya lau. Idan kuwa tsaga ta karkata, ta fi faɗi a sama, ta ratsa bulo, ƙofa kuma ta fara cijewa, to alama ce wani ɓangare na ginin ya sauka ya bar ɗaya ɓangaren a inda yake.

Ban tsaya a kallo ba. Na kafa alama biyu a kowane gefen tsagar, na riƙa aunawa. Ranar farko faɗinta a sama milimita 7 ne. Bayan wata uku ta kai 9. Wannan kuma a cikin rani ne, babu ko ɗigon ruwan sama. Tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba, kuma ba ta ƙaruwa, ana iya cike ta a manta da ita. Taka ta wuce nan, kuma tana tafiya.

Daga nan muka haƙa rami biyu a jikin tushen ginin don mu ga abin da yake zaune a kai. A gaban gida mun tarar da yashi mai tauri, wanda shebur ke shan wuya kafin ya shiga. A kusurwar baya labarin ya sha bamban. Kankaren tushe ya tsaya a zurfin santimita 60, a ƙarƙashinsa kuma ciko ne: yashi sako-sako, gauraye da toka da leda da fasassun bulo. Da alama wurin tsohon rami ne da aka cike kafin a yi gini. Sai da muka kai mita 1.8 sannan muka sami ƙasa ta asali mai ƙarfi.

Za ka ce, Alhaji, ai gidan ya shekara goma sha biyu a haka bai tsage ba. Gaskiya ne. Yashi sako-sako idan yana bushe yana iya ɗaukar nauyin gida mara bene, domin ɗan laka da ke tsakanin ƙwayoyinsa yana riƙe su kamar gam. Ranar da ruwa ya jiƙa shi sosai, gam ɗin ya narke, ƙwayoyin suka zame suka matse juna, sai ƙasar ta sauka. Ambaliya ta yi wannan aikin na farko, shi ya sa ka ga ƙananan tsagun da aka cike.

Abin da ya hana motsin tsayawa shi ne sokawe. Ramin yana mita ɗaya da rabi kacal daga kusurwar, kuma bututun da ke kai masa ruwa daga banɗaki ya tsage a mahaɗarsa, mai yiwuwa lokacin da ƙasar ta fara sauka. Tun daga ranar, duk wankan da aka yi a gidan, wani ɓangare na ruwan ƙarƙashin tushe yake tafiya. Ƙasar da muka ciro a wurin a jiƙe take sharkaf a tsakiyar rani. Ruwan yana ƙara tausasa cikon, yana kuma kwashe ƙananan ƙwayoyi zuwa cikin ramin sokawe.

Na kuma duba ko baƙar ƙasar nan ce mai kumbura, wadda ake kira firgi, irin ta wajajen Dikwa da Ngala. Ita takan kumbura da damina ta motse da rani, shi ya sa tsagarta ke buɗewa tana rufewa da juyin shekara. Samfurin da muka kai ɗakin gwaji ya nuna yashi ne mai ɗan laka kaɗan, kuma taka tsagar buɗewa kawai take yi. Saboda haka ba firgi ba ne.

Shawarata kashi biyu ce. Na farko, a gyara bututun cikin makon nan, a kuma haƙa sabon sokawe nesa da gini, aƙalla mita 5 in fili ya bari. Na biyu, a zurfafa tushen kusurwar daga ƙasa, aikin da masu sana'ar ke kira andafinin. Da ƙasa ta asali ce ta jiƙe kawai, da na ce a tsayar da ruwa a jira a gani. Amma ciko mai shara ba ya zama abin dogaro, damina mai zuwa zai sake sauka.

Ma'anar aikin ita ce a haƙa ƙarƙashin tsohon tushe har a kai ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare ya cike tsakanin, nauyin bango ya tsallake cikon ya sauka a kan abin da zai iya ɗaukarsa. Tsawon da za a yi mita 9 ne, biyar a bangon baya, huɗu a na gefe. Za a raba shi gida tara, kowane mita ɗaya, a sa masu lamba daga 1 zuwa 9, na 5 shi ne kusurwa.

A nan ne hatsarin yake, don Allah ka ja kunnen wanda zai tsaya a kan aikin. Ba a haƙa duka a lokaci ɗaya, ba a kuma haƙa biyu da ke maƙwabtaka da juna. Idan aka yi doguwar kwata a ƙarƙashin bango don a gama da wuri, bangon na iya ruftawa kan ma'aikata. Za a fara da 1 da 6, sai 3 da 8, sai 5 shi kaɗai, sai 2 da 7, a ƙare da 4 da 9. Kowane rami a tokare gefensa da katako, domin yashi ba ya ba da sanarwa kafin ya zubo.

Kankaren ba zai taɓa tsohon tushe kai tsaye ba. Ana tsayar da shi saura kamar santimita 7, domin yakan ɗan motse idan yana bushewa. Washegari sai a kwaɓa siminti kashi ɗaya da yashi kashi uku, da ruwa kaɗan yadda zai dunƙule a hannu bai zuba ba, a cusa a wannan ratar, a daka da katako da guduma har ya ƙi shiga. Idan aka tsallake wannan, an yi asarar kuɗi, domin bangon zai sauka ya cike ratar da kansa, ya ƙara tsagewa. Bayan haka a bar shi aƙalla kwana biyu kafin a buɗe na kusa da shi.

Kowane rami tsawonsa mita 1, faɗinsa santimita 60, zurfin kankare mita 1.2. Duka taran za su ci kankare kimanin mita shida da rabi a ma'aunin cika, wato buhun siminti 40 zuwa 45 idan an yi haɗin kashi ɗaya siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa. Aikin zai ɗauki mako uku zuwa huɗu. A gama shi kafin ruwan Yuni, kuma a kwashe iyali daga ɗakin kusurwa har a kammala.

Akwai abin da aikin ba zai yi ba. Ba zai ɗaga kusurwar ta koma inda take ba, tsayar da ita zai yi a inda ta kai. Ƙofar sai an fere ta ko an sake kafa ta. Kada a cike tsagar nan da nan, a bar alamuna su yi wata uku zuwa shida, in ba su motsa ba sai a ɗinke bangon da guntayen rodi a layin bulo, sannan a yi filasta. Idan kuma a wani rami aka wuce mita biyu da rabi ba a sami ƙasa mai ƙarfi ba, a tsaya a kira ni, domin a lokacin ƙananan ginshiƙai da ake hudawa cikin ƙasa sun fi dacewa, kuma lissafin kuɗin zai canza.

Allah Ya sa a yi a sa'a. Wassalam.

Ga wanda ke Agege ko Sabon Ibadan yana kula da gida ta waya, akwai abin ɗauka a nan. Idan aka ce bango ya tsage, ka sa a ɗora ma'auni a kan tsagar a ɗauki hoto, a rubuta kwanan wata a jikin bango, a maimaita a daidai wurin kowane wata. Ka tambayi inda sokawe da bututun banɗaki suke, da inda ruwan indararo ke zuba. Duk wanda ya ba ka farashin andafinin bai haƙa rami ya ga tushe ba, ƙiyasi kawai yake yi. Ka nemi lambar rajistar injiniyan ta hukumar COREN, ka kuma riƙa biya zagaye bayan zagaye, sai ka ga hoton ƙasan kowane rami da ma'auni a cikinsa kafin a zuba kankare, domin da zarar an rufe da ƙasa babu mai iya sanin ko an kai mita 1.8 ko an tsaya a rabi.