In Uba Zai Faɗi Dalilin Sunan 'Yarsa

A raɗin suna irin na da, ba a jin muryar uban jaririya. Da sassafe ranar kwana bakwai maza su taru a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, a raba goro da dabino. Uban, ko wansa, ya raɗa wa liman sunan a kunne, a yanka rago, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar wa jama'a. In 'yar fari ce ma, kunya takan sa uban ya maƙale can gefe kamar ba shi ya tara mutanen ba. Yanzu da walima ta samu wurin zama a birane, ana miƙa wa uba lasifika a ce ya yi bayani. Ban ga aibin hakan ba, muddin ya san abin da zai faɗa.

Mu ɗauki uban da ya sa wa 'yarsa Asma'u. Yawanci abin da ake ji shi ne, "Sunan mahaifiyata ta ci, Allah Ya raya ta." Wannan gaskiya ce, kuma ita ke bayyana dalilin da za a riƙa kiran yarinyar Ummi ko Walida, tunda ɗa ba ya kama sunan uwarsa gatsau. Amma bayanin bai kai ga sunan kansa ba.

Malaman lugga sun yi saɓani kan asalin kalmar. Wasu sun ce jam'in "ism" ne, wato sunaye, wasu kuma sun mayar da ita ga tushen da ke nufin kyawun fuska. Uba mai hankali zai ambaci wannan a taƙaice ya wuce, domin Bahaushe ba don fassarar ƙamus yake sa Asma'u ba. Don masu sunan yake sawa. Zai iya cewa:

"Iyayena da malamaina, na gode da wannan karamci. Yarinyar nan sunan Hajiya ta ci, ita kuma Hajiya sunan 'yar Sayyidina Abubakar ta ci. Lokacin Hijira, ita ce ta haɗa wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri, ta rasa abin ɗaure bakin jaka, sai ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure da ita. Shi ya sa ake ce mata mai ɗamara biyu. Ina roƙa wa 'yata irin wannan zuciya. Sannan akwai Nana Asma'u 'yar Shehu. Ku zama shaida, na ɗauki alkawarin ba zan cire yarinyar nan daga karatu ba. In kun ga na fara zamewa, ku tuna mini."

Ambaton Nana Asma'u yana da nauyi a nan. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Wani abin lura shi ne tagwaye aka haife su, ita da Hassan. Bisa al'ada Husaina za a sa mata, amma Shehu Usmanu ya zaɓi Asma'u. Ke nan shi ma da manufa ya sa sunan, kuma bai tsaya ga fata ba, a gidansa aka karantar da ita. Wannan ne ya sa na fi son jawabin da uba ke ɗora wa kansa aiki a kan wanda zai ce 'yarsa sai ta zama likita, alhali cibiyarta ma ba ta gama warkewa ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen ƙawata suna. Za ka ji an ce "Asma'ul Husna", ana jin an ƙara masa armashi, alhali wannan lafazi sunayen Allah kyawawa yake nufi. Asma'u suna ne, Husna ma suna ne, haɗa su ne ya kamata a tambayi malami a kansa. Haka masu tsintar kalma daga Alƙur'ani don daɗin amonta, su manta cewa a cikinsa akwai sunan wuta da na azaba. Annabi (SAW) da kansa ya canja sunaye: 'yar Sayyidina Umar da ake kira da kalmar da ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra kuma ya mayar Zainab saboda sunan na ɗauke da yabon kai.

Lokacin yin wannan bincike shi ne kafin ranar suna. Kwanaki shida sun isa uba ya je zauren malami ya tambayi ma'ana da yadda ake furtawa, ya kuma ji ra'ayin mai jego, domin ita za ta fi kowa kiran sunan.