Kalma ɗaya, izini da hukunci: yadda ake gane ma'anar "sanction" a takardun hukuma

A ranar 30 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Jamhuriyar Nijar takunkumi bayan juyin mulkin soja, aka rufe iyakoki, manyan motoci suka yi jerin gwano ɗauke da kaya suna lalacewa, har zuwa Fabrairun 2024 da aka janye matakin. Kalmar da jaridun Turanci suka yi ta maimaitawa a lokacin ita ce "sanctions". Sai dai ma'aikacin da ya saba da tsofaffin fayilolin gwamnati ya san wannan kalma da wata fuska dabam, domin idan aka rubuta cewa an kashe kuɗi "with the sanction of the Minister", ana nufin minista ya ba da izini. Kalmar da ke nufin hukunci ita ce kuma ke nufin amincewa. Masana harshe suna kiran irin waɗannan da kalmomi masu kishiyantar kansu.

Tarihin kalmar ya bayyana yadda aka yi haka. Asalinta daga Latin ne, daga wani aikatau mai nufin tsarkake abu ko tabbatar da shi ta yadda ba mai iya keta shi. A dokokin Rumawa, sashen da ke faɗin abin da zai sami wanda ya karya doka shi ake kira da wannan suna, tun da shi ne ke ba dokar ƙarfi. Daga nan ma'ana ta rabu gida biyu: wasu suka riƙe ɓangaren tabbatarwa, wato izini, wasu suka riƙe ɓangaren horo. Ma'anar takunkumin tattalin arziki tsakanin ƙasashe ta yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ta shahara a 1935, lokacin da Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani ta sa wa Italiya takunkumi saboda mamaye Habasha.

To, ta yaya mai karatu zai rarrabe? Abu na farko shi ne ya dubi abin da aikatau ya faɗa wa. Idan takarda ta ce "the ministry sanctioned the payment", abin da ya biyo baya aiki ne, wato biyan kuɗi, kuma ba a hukunta aiki, amincewa da shi ake yi. Ma'aikatar ta yarda a biya ke nan. Idan kuwa ta ce "the ministry sanctioned the contractor", abin da ya biyo baya mutum ne, saboda haka an hukunta ɗan kwangilar. Galibi akan ƙara "for" sannan a ambaci laifin, wanda ke kawar da duk wata tantama. Idan kalmar suna ce, jam'inta mai harafin "s" a ƙarshe kusan kullum takunkumi yake nufi, musamman in yana tare da "impose" ko "lift", wato ƙaƙabawa ko janyewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan kalmar ta zama siffa. A ce ɗan kasuwa mai shigo da kaya ya sami wasiƙa daga banki tana magana a kan "sanctioned goods". A nahawu zalla, wannan na iya zama kayan da hukuma ta amince da su, yana kuma iya zama kayan da aka haramta cinikinsu. Jimlar kaɗai ba ta isa ba, sai an duba wanda ya rubuto da abin da ke kewaye. Idan wasiƙar ta fito daga sashen banki mai kula da bin ƙa'ida, tana ambaton jerin sunaye, ko daskarar da asusu, ko wata ƙasa da ake takun saƙa da ita, to haramci ake nufi, kuma tura kuɗi a kan irin wannan kaya na iya sa a riƙe su. Idan kuwa maganar kasafi ce ko adadin ma'aikatan da aka yarda a ɗauka, izini ne. Wanda ya karanta wasiƙar sau biyu bai sami ko ɗaya daga waɗannan alamu ba, ya fi masa ya koma ya nemi a rubuta masa da kalmar "approved" ko "prohibited" kafin ya sa hannu. Laifin a nan na marubucin wasiƙar ne, domin wanda ya san aikinsa ba ya barin dukiyar mutane ta rataya a kan kalma mai baki biyu.

Kalmar "cleave" ta zo ga wannan hali ta wata hanyar. Tana nufin tsaga abu biyu, kamar yadda gatari ke faskare ice, tana kuma nufin manne wa abu ƙam. A nan ba ma'ana ɗaya ce ta rabu ba. A tsohon Turanci kalmomi biyu ne mabambanta, ɗaya ta tsagawa, ɗaya ta mannewa, sai lafazinsu ya yi ta kusantar juna har suka haɗe. Rarrabe su ba wuya: idan "to" ta biyo baya, mannewa ce, idan babu, galibi tsagawa ce. Ba kasafai ake gamuwa da ita a ofis ba, an fi samun ta a adabi da fassarar Baibul ta 1611.

Lamarin bai tsaya ga Turanci ba. Malaman Larabci sun daɗe da ware masa fanni mai suna al-addad, kuma Ibnul Anbari, wanda ya rasu a shekara ta 328 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kansa. Misalin da ya fi shahara shi ne kalmar ƙur'u, wadda jam'inta ya zo a aya ta 228 ta Suratul Baƙara game da iddar matar da aka saka. Larabawa na amfani da ita ga haila, suna kuma amfani da ita ga tsarki. Malikiyya da Shafi'iyya sun ɗauke ta a matsayin tsarki, Hanafiyya suka ce haila ce, kuma wannan saɓani yana canza ranar da idda ke cika. Kowane ɓangare ya kafa hujja da nahawu da hadisi, abin da ke nuna cewa wani lokaci mahallin magana kan rage shubuha ne kawai, ba ya kashe ta gaba ɗaya.

Hausa ma tana da nata. "Bari" tana nufin ƙyalewa a yi abu, tana kuma nufin daina shi: "ta bar yaro ya yi wasa" izini ne, "yaro ya bar wasa" kuwa dainawa ce. Bahaushe ba ya rikicewa, domin kunnensa ya saba da cewa idan mutum ya biyo bayan kalmar sannan aiki, ƙyalewa ce, idan sunan aikin ya biyo kai tsaye, dainawa ce. Wannan dabara ta duban abin da ke bin aikatau ita ce dai ake buƙata wajen "sanction". A harkar aro kuma Hausa ta yi wa kanta rigakafi ta hanyar sauya ƙarshen aikatau: "ya ari keke" shi ya karɓa, "ya ara masa keke" shi ya bayar. Amma da zarar aka koma ga suna, aka ce "keken aro ne", ba a san mai bayarwa da mai karɓa ba sai an ƙara bayani.