Rajistar shiga jirgi: ta waya ko ta gishe, wane lokaci ne ke hana mutum tafiya?

Sa'ar da aka rubuta a kan tikitin jirgin sama sa'ar tashin jirgi ce. Matafiyi kuwa yana da nasa lokutan da ke cika tun kafin wannan, kuma su ne ke sa a bar mutum a filin Diori Hamani na Yamai alhali yana hangen jirgin a tsaye. Na farko shi ne lokacin rufe rajista ta intanet, na biyu na rufe gishen kamfani, na uku na rufe ƙofar shiga jirgi. Kowane da agogonsa, kuma cika ɗaya ba ya ɗauke wa mutum sauran.

Rajista, wadda ake rubutawa « Enregistrement » ko « Check-in » a allon filin jirgi da shafukan kamfanoni, ita ce shaida wa kamfani cewa lalle za ka yi tafiyar. A nan ne ake ba ka kujera da katin shiga jirgi. Tikiti kaɗai ba ya shigar da kowa jirgi, sai da wannan kati.

Ta intanet, yawancin kamfanoni suna buɗe rajista tsakanin awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Turkish Airlines tana buɗewa awa 24 kafin lokaci, Air France kuma awa 30. Rufewa takan zo awa ɗaya zuwa biyu kafin tashi, gwargwadon kamfani da filin da za a tashi. Abin da ake nema daga gare ka shi ne sunan iyali kamar yadda yake a tikiti, da lambar ajiyar wuri mai haruffa da lambobi shida, ko lambar tikiti mai lambobi 13. Daga nan sai ka shigar da lambar fasfo da ranar ƙarewarsa, ka zaɓi kujera, a turo maka kati.

Gishe kuwa, a tafiyar ƙasa da ƙasa, yakan buɗe wajen awa uku kafin tashi, ya rufe awa ɗaya kafin tashi a yawancin kamfanoni. Ainihin lokacin yana rubuce a takardar tikiti, galibi ƙarƙashin « Heure limite d'enregistrement », kuma shi ya kamata a bi. Ƙofar shiga jirgi ita ce ta ƙarshe, ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin tashi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne zaton cewa wanda ya yi rajista a waya ya huta da gishe. Wannan gaskiya ne ga mai ƴar jaka ɗaya a kafaɗa, wanda takardunsa ba sa bukatar dubawa. Amma mu nan, wa ke zuwa Istanbul ko Dubai ko Jidda da jakar kafaɗa kawai? Muddin kana da akwatin da zai shiga cikin jirgi, sai ka miƙa shi kafin a rufe karɓar kaya, kuma lokacin yakan zo daidai da na rufe gishe. Ko babu kaya ma, idan ƙasar da za ka tana neman biza, ma'aikacin kamfani zai so ya ga fasfo da idonsa. Dalili shi ne idan kamfani ya kai mutum ƙasar da ta ƙi karɓarsa saboda takardu, kamfanin ne ke mayar da shi, sau da yawa har da biyan tara. Shi ya sa wani lokaci rajistar intanet takan ƙare ba tare da kati ba, sai ƴar takardar da ke cewa ka je gishe. Wannan takarda ba katin shiga ba ce.

Bari mu ɗauki misali da ɗan kasuwar Maraɗi da zai tafi Istanbul saro kaya. A ce tikitinsa ya nuna tashi daga Yamai ranar Alhamis da ƙarfe 01:30. Tarkon farko yana cikin ranar kanta. Ƙarfe ɗaya da rabi na daren da za a wayi gari Alhamis ake nufi, wato dole ya kasance a filin jirgi tun daren Laraba. Wanda ya ga « Alhamis » ya zo da daren Alhamis ya makara da kwana guda cur. Jiragen tsakar dare ba baƙon abu ba ne a Yamai, don haka duk tikitin da sa'arsa ta fara da 00 ko 01 ko 02, a ja baya da rana ɗaya a lissafi.

Idan kamfanin na awa 24 ne, rajistar intanet za ta buɗe masa ranar Laraba da ƙarfe 01:30 na dare. Gishe zai buɗe wajen 22:30 na daren Laraba, ya rufe 00:30. Ƙofa kuma wajen 01:10. Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai fiye da kilomita 600, wuni guda a motar bas. Idan ya kamo hanya da asubar Laraba zai iya isa da yamma, amma faci ɗaya ko lalacewar mota a wajen Ƙonni ko Dogon Dutsi ya isa ya cinye ratar da yake da ita. A ganina wanda zai taso daga Maraɗi, balle Damagaram mai nisan kusan kilomita 900, ya kamata ya kwana Yamai tun Talata. Kuɗin kwana ɗaya bai kai kuɗin sabon tikiti ba.

A ce ya yi rajistarsa a waya da safiyar Laraba, ya samu kujera, hankalinsa ya kwanta, sai ya iso filin jirgi da 00:40 da akwati biyu. Saura minti 50 jirgi ya tashi, amma an rufe karɓar kaya tun minti goma da suka wuce. Ma'aikaciyar gishe ba rowa take yi ba idan ta ce ba za ta iya ba. Da zarar an rufe, ana aika adadin fasinjoji da nauyin kaya ga masu lissafin lodin jirgi, su fitar da takardar da matuƙi zai sa wa hannu, kuma na'urar kanta ba ta ƙara karɓar kowa sai da izinin shugaban aikin. Wani lokaci a taimaka, sau da yawa a ƙi. Abin da ya fi ciwo yana biyo baya: wanda bai shiga jirgin zuwa ba, yawancin kamfanoni suna soke masa sauran tafiyar, har da dawowa. Idan da Istanbul zango ne kawai zuwa wata ƙasa, wannan ma ya tafi.

Saboda haka wanda ya ga alamar ba zai isa ba, kada ya jira jirgi ya tashi. Ya kira kamfani ko ajans ɗin da ya sayar masa da tikiti tun da sauran lokaci, domin sauya rana kafin tashi ya fi sauƙi da arha a kan bayan an rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba. Idan ya riga ya yi rajista a waya, sai an soke ta tukuna kafin a taɓa tikitin.

To, me rajistar intanet ke amfana wa mutum, tunda gishen bai kauce ba? Babban amfaninta a wurinmu shi ne tana tona matsala tun ana iya gyara ta. Da yawa cikinmu ta hannun ajans ko wani ɗan'uwa muke sayen tikiti, kuma akwai bambanci tsakanin ajiyar wuri da tikitin da aka biya aka fitar. Takardar ajiyar wuri tana ɗauke da suna da rana da lambar jirgi, ta yi kama da tikiti sosai, amma idan ba a biya ba takan soke da kanta bayan wa'adinta. Tikiti na gaske yana da lambobi 13, uku na farko na kamfani ne: 235 na Turkish Airlines, 071 na Ethiopian Airlines, 147 na Royal Air Maroc. Wanda ya gwada rajista kwana guda kafin tafiya ya ga shafin bai san shi ba, yana da wuni guda na bin wanda ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya jira gishe kuwa, da tsakar dare zai ji labarin, ajans a rufe.

Haka batun suna. Sunayenmu suna zuwa uku ko huɗu a jere, ga Mahamadou da Mahamane da Mamane, mai buga tikiti ya sa na farko a gurbin na iyali ko ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Idan shafin ya ƙi sunanka, duba takardar tikiti ka buga shi daidai yadda yake a can. Idan kuma ya saɓa da na fasfo, ka nemi gyara a ranar, kada ka bari sai gaban gishe. A nan ne kuma mutum kan gano an sauya sa'ar tashi, domin saƙon sauyin yakan tafi wayar ajans ne, ba taka ba. Sannan idan kamfani ya sayar da tikiti fiye da kujeru, wanda ya riga ya kama kujerarsa ya fi wanda ya zo ƙarshe tsira.

Ba kullum ƙin karɓar rajista ke nufin akwai matsala ba. Mai tafiya da jariri, yaron da zai tafi shi kaɗai, mai bukatar keken marasa lafiya, da waɗanda aka saya wa tikiti a ƙungiya, sau da yawa gishe ake tura su. Idan kamfani ɗaya ya sayar da tikiti amma wani ne ke da jirgin, a shafin mai jirgin ake rajista. Alhazan da ke tafiya a jirgin da aka yi shata kuwa tsarinsu daban ne, jagororinsu ke faɗa musu lokacin haɗuwa.

Katin da ke cikin waya ma yana da nasa rauni: batir ya mutu, intanet ya yanke, gilashin waya ya tsage na'ura ta kasa karantawa. A ɗauki hotonsa a ajiye, a kuma buga shi a takarda, ko a nemi na takarda a gishe lokacin miƙa kaya.

A gishen kansa, abin da ke cinye lokaci shi ne layi da sikeli. Tsayuwa a layi ba rajista ba ce. Idan lokaci ya matso kana baya, ka yi wa ma'aikaci magana ka faɗi jirginka. A kamfanoni da yawa akwati ɗaya kilo 23 ne a ƙaramin aji, kuma ba a karɓar wanda ya haura kilo 32 ko da za ka biya. Kwance ƙullin kilishi da yaji a tsakiyar fili ana raba su cikin jakunkuna, ko zuwa wani tebur biyan kuɗin ƙarin nauyi, na iya cin rabin awa. A auna kaya tun daga gida. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka a jakar hannu yake tafiya, idan aka gan shi cikin akwati sai a kira ka ka buɗe. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo, kuma ƙasashe da yawa suna son fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida.

Kafin ka bar gishe, dubi ƴar takardar da aka liƙa wa akwatinka da wadda aka ba ka. Haruffa uku da ke kanta su ne inda kayan za su sauka: IST Istanbul, ADD Addis Ababa, CMN Kasablanka, JED Jidda, DXB Dubai. Idan Dubai za ka ta Addis amma takardar ta tsaya a ADD, ka yi magana nan take. Ka tambaya kuma ko an ba ka katin zango na biyu. Idan tikiti biyu daban ka saya, to a zangon sai ka karɓi kaya ka sake rajista daga farko, da agogon can: Istanbul da Addis Ababa duka suna gaban Yamai da awa biyu.