Sanarwar Taro a Waya: Layukan da Ke Ƙasan Fasta

Duk ƙungiyar da ke shirya taron ƙwararru, na likitoci ne, na lauyoyi ko na injiniyoyi, takan kashe kuɗi wajen mai zanen fasta. A zaɓi launi, a jera hotunan manyan baƙi, a gyara, a sake gyarawa. Idan an zo ɗora fastar a WhatsApp ko Instagram, sai a bar wa wani yaro a ofis ya rubuta abin da zai zauna a ƙasanta cikin minti biyu. A ganina nan ne ake asarar mahalarta, domin waɗannan 'yan layukan su ne mutum yake karantawa ya yanke shawarar zuwa ko ƙin zuwa.

Dalili na farko a hannun kowa yake. Mutane da yawa sun hana wayarsu sauke hoto da kanta saboda tsadar data. A zauren WhatsApp, abin da irin wannan mutum zai gani shi ne hoto dishi-dishi da rubutun da ke ƙasansa. Idan rubutun bai wuce "Kada ku bari a ba ku labari" ba, to bai san taron mene ne ba, kuma ba lallai ya taɓa hoton ba. Ko ya sauke ma, adireshin da aka zana cikin fasta ba ya latsuwa, ba ya kwafuwa, kuma idan ya nemi sunan taron bayan mako biyu a wurin bincike, wayar ba za ta zaƙulo masa shi daga cikin hoto ba. Saboda haka rubutun ya kamata ya tsaya da ƙafarsa, kamar babu fastar gaba ɗaya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi tiryan-tiryan. A ce wata ƙungiyar masu haɗa magunguna za ta yi taron yini guda a Kano. Ga irin abin da aka saba gani:

"Assalamu alaikum. A madadin shugaba da ɗaukacin mambobin kwamitin shirye-shirye, muna farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki zuwa gagarumin taronmu na bana, wanda zai samu halartar manyan masana daga ciki da wajen ƙasar nan. Rana: 14/11. Ku hanzarta yin rajista kafin a rufe."

Sallamar tana da kyau, ladabin ma babu laifi. Amma Instagram, duk da ya yarda a rubuta har haruffa 2,200, kimanin 125 na farko kawai yake nunawa, sauran sai an latsa a buɗe. A wannan rubutu, wurin da zai yanke yana wajen "'yan uwa da abokan". Mai karatu bai ji sana'ar da ake magana a kai ba, bai ji gari ba, bai ji rana ba. Wanda ya daure ya buɗe sauran ma bai tsira da komai ba: su wane ne masanan, yaushe za a rufe, nawa ne kuɗin, ina za a biya?

Yanzu a tuna da wadda ake rubutawa dominta. Wata ma'aikaciya ce a asibiti a Gusau. Kafin ta zo Kano sai ta nemi izini a wurin aiki, ta samu wanda zai riƙe mata aikin ranar, ta lissafa kuɗin mota da na masauki, ta shirya da mutanen gida. Duk wannan ba ya yiwuwa sai ta san ranar taro da ranar rufe rajista. Shi ya sa waɗannan biyu suke hawa layin farko:

"Taron masu haɗa magunguna, Kano, Asabar 14 ga Nuwamba 2026. Za a rufe rajista Juma'a 30 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma."

Wannan bai kai haruffa 125 ba, kuma ko nan aka yanke ta samu abin da za ta fara shiri da shi. Sallama da gaisuwar shugabanni suna iya biyowa baya, babu wanda ya raina su.

A lura da yadda aka rubuta ranar. An sa sunan rana, an rubuta wata da kalmomi, an sa shekara. Lamba tsura irin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ce, amma baƙon da zai zo daga Amurka 4 ga Maris zai karanta. Sunan rana kuma yana taimaka wa mai aikin karɓa-karɓa ya gane nan take ko yana da sarari, sai dai wajibi ne a duba kalanda kafin a tura. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko rubutun bara a canza lamba a manta da sunan ranar, sai a wayi gari an ce Juma'a 14 ga wata alhali 14 ɗin Asabar ce. Alamarsa ita ce kiran waya da zai yi ta shigowa ana tambaya, "Wai Juma'a ce ko Asabar?" Shekara kuwa ana sa ta ne saboda saƙon WhatsApp ba ya mutuwa. Wani zai tsince shi baɗi ya tura wa abokansa da kyakkyawar niyya.

Ranar rufe rajista ita ta fi buƙatar a tsaya a kanta. "Kafin ƙarshen wata" ba rana ba ce. "Kafin 30 ga Oktoba" ma akwai gardama: ranar 30 ɗin tana ciki ko ba ta ciki? Sannan a guji ƙarfe 12 na dare, musamman a rubutun Hausa. A lissafinmu dare yana riga yini, wato idan aka ce "daren Juma'a", mutane da yawa daren Alhamis wayewar Juma'a suke ji, wasu kuma su ɗauka daren da ke bin yinin Juma'a ne. Tsakanin fahimtar biyu akwai yini guda cur, kuma wanda ya makara zai ga an zalunce shi. Idan aka ce ƙarfe 6 na yamma, magana ta ƙare. Akwai wata fa'ida kuma: a wannan lokaci akwai mutum a ofis da zai amsa wa wanda banki ya cire kuɗinsa amma rasit bai fito ba, abin da kan faru idan jama'a suka yi rububin biya a sa'ar ƙarshe.

Idan akwai rangwame ga masu sammakon biya, ranakun rufewa sun zama biyu, kuma kowace a haɗa ta da kuɗinta a jimla ɗaya. Misali, naira 15,000 har zuwa 16 ga Oktoba, naira 20,000 daga nan zuwa 30 ga wata. Idan kuma za a bi taron ta intanet, a faɗi agogon da ake nufi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Ghana tana bayanmu da awa guda, Sudan tana gabanmu da awa guda, don haka ƙarfe 10 na safe a Kano ƙarfe 9 ne a Kumasi, 11 a Khartoum. Landan kuwa tana da nata sauyin: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonta daidai yake da namu, bayan haka ta koma baya da awa ɗaya.

Sai masu jawabi. A nan al'adarmu ta girmama manya takan ci wurin da ya kamata bayani ya zauna. Za ka ga suna ɗaya da laƙabi biyar da sarauta, amma ba a faɗi abin da mutumin zai yi magana a kai ba. Ma'aikaciyar Gusau ba ta san Farfesa Wane ba. Abin da zai sa ta shiga mota shi ne ta ga "Farfesa Wane, kan gane jabun maganin zazzaɓin cizon sauro" ko "Dokta Wance, kan adana allurar rigakafi inda wuta ba ta tsayawa". Suna, muƙami ɗaya da ya shafi taron, da maudu'i. Mutum uku sun isa, sauran suna cikin fasta da shafin rajista. A tura wa kowannensu yadda aka rubuta sunansa ya gani kafin a yaɗa, domin kiran Farfesa da Dokta ƙaramin kuskure ne da ke ɓata zumunci. Kada kuma a sa sunan wanda bai amsa gayyata a rubuce ba. Akwai masu jera sunan gwamna ko minista don jan jama'a alhali takardar gayyata kawai aka kai ofishinsa. Mutane suna lura, kuma taron baɗi ne zai biya bashin. Idan hukumar sana'ar ta amince taron yana ba da makin ƙarin ilimi, irin wanda likitoci ke tarawa don sabunta lasisi, a faɗi maki nawa, domin ga wasu wannan ya fi kowane suna nauyi.

Adireshin sayen tikiti, wanda aka fi kira linki, kowane dandali da halinsa. A WhatsApp, Facebook da LinkedIn yana latsuwa. A X, mai asusu na kyauta haruffa 280 yake da su, kuma kowane linki, dogo ko gajere, 23 ake lissafa masa. A rubutun ƙasan hoton Instagram kuwa ba ya latsuwa sam, sai a ajiye shi a bayanin asusun ƙungiyar a gaya wa mai karatu ya duba can. Duk da haka a rubuta shi gajere yadda mutum zai iya bugawa da hannu, a layinsa shi kaɗai, ba tare da ɗigo a ƙarshe ba:

```
example.org/taro2026
```

Masu gajarta adireshi da bit.ly su sani cewa babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa, harafi ɗaya ya sauya sai a faɗa wani shafi daban. Kafin a tura, a ba wani da ba ya cikin kwamiti ya gwada da wayarsa da datarsa, ya bi har wurin biya. Sau da yawa fom ɗin yana buɗe wa wanda ya ƙirƙire shi ne kaɗai, kowa kuma ana ce masa ya nemi izini. Ina kuma ba da shawarar a ƙara jimla ɗaya cewa ta wannan adireshi kawai ake biya. Sauya lambar asusu a cikin saƙo a ci gaba da tura shi abu ne mai sauƙi ga ɗan damfara, kuma wanda aka cuta ƙungiyar zai zarga.

Shiri yakan sauya, har ga manya. A 2025 Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta ɗauke babban taronta na shekara daga Fatakwal zuwa Enugu bayan an ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Idan irin haka ta samu ƙaramar ƙungiya, gyara tsohon rubutu a Facebook ko Instagram bai wadatar ba, saboda kwafin da ya riga ya bazu a zaurukan WhatsApp ba ya gyaruwa. Sai a fitar da sabo wanda ya fara da kalmar GYARA da ranar da aka yi gyaran, a ambaci tsohon bayani da sabon a jere, a faɗi ko tikitin da aka saya yana nan daram ko za a mayar da kuɗi, sannan a tura shi kai tsaye ga duk wanda ya riga ya yi rajista ta lambar wayar da ya bayar.