Abin da ke kashe cajar waya daga ciki

Caja ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Sai ka ga wayar da ke cika cikin awa biyu ta koma kwana a jone, ko cajar ta riƙa wani siririn kuka, ko allon waya ya dinga danna kansa muddin tana caji. In aka buɗe irin wannan caja, sau da yawa mai laifin shi ne kafasita, ɗan gwangwanin nan da ke tsaye a kan allon cajar.

Wuri biyu ake sa shi. Na bakin shiga yana karɓar wutar gida mai bolt 230, wadda bayan an miƙar da ita take kaiwa wajen bolt 325, shi ya sa za ka ga an rubuta 400V a jikinsa. Na bakin fita kuwa, mai 470µF ko 1000µF, shi ke daidaita bolt 5 ɗin da ke zuwa waya, domin cajar tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a kowace daƙiƙa.

In ka fasa shi, siraran fallayen alminiyam biyu za ka tarar, an naɗe su da takarda jiƙaƙƙiya a tsakani, an toshe gindin da roba. Ruwan sinadarin da ke jikin takardar shi ne ransa, zafi kuma shi ke tsotse shi a hankali ta wajen robar. Masu ƙera shi sukan ba shi awa 2,000 a kan zafin da aka rubuta a jikinsa, kuma duk ragin digiri 10 yana ninka kwanansa. A ce cikin caja ya kai digiri 65. Mai 105°C zai yi awa 32,000, sama da shekara uku da rabi yana aiki dare da rana. Mai 85°C kuwa awa 8,000 ne, ko shekara bai cika ba. Arha ba ta ado, a nan masu cajar araha suke rage kuɗi. Na bakin shiga yana da ƙarin abokin gaba: janareta ya yi tsalle zuwa bolt 280, abin da ke kansa ya kai 396, dab da iyakarsa.

To mene ne ESR? Shi ne turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a cikin kafasitan kansa wajen shiga da fita, kuma da om ake auna ta. Lafiyayyen 1000µF na bakin fita yakan nuna om 0.1 ko ƙasa da haka. Da ruwan ya fara bushewa sai adadin ya hau. A ce amfiya ɗaya ke kai-komo a cikinsa: a om 0.1, zafin da yake haifarwa wat 0.1 ne, ba komai. In ya kai om 1, wat ɗaya cur ke ƙuna a cikin abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, wutar da ke zuwa waya kuma tana rawa da wajen bolt ɗaya. Zafin ya ƙara busar da ruwan, bushewar ta ƙara turjiyar, haka dai har ya kumbura.

Kafin gwaji, a cire caja daga soket, sannan a sauke wutar da mai 400V ya riƙe, don yana iya jan mutum bayan an cire. A haɗa ƙafafunsa biyu da rizisto mai om 10,000 na 'yan daƙiƙu, a duba da mita ya sauka. Masu gyara da yawa sukudireba suke ɗorawa, ya yi tartsatsi, wannan ganganci ne.

Daga nan ido ne: kumburin kai, tsatsa ko ɓawon ruwan da ya zubo, ko robar gindi ta turo. Amma ƙananan kan bushe ba tare da wata alama ba. Maltimita ma takan yaudari mutum, ta nuna 900µF a kan mai 1000µF a ce lafiya, alhali turjiyarsa ta ninka sau goma. Mitar ESR ce ke kama shi, don tana gwaji da bugu 100,000 a daƙiƙa, kusan yadda yake aiki a cikin caja.

A kula da abu biyu. In kafasitoci biyu suna haɗe gefe da gefe, lafiyayyen zai rufa wa mataccen asiri, sai an narkar da dalma an ɗaga ƙafa ɗaya. Wanda ya haɗe ta ciki kuma zai nuna kusan sifili kamar sabo, don haka a sake duba shi da maltimita a wajen om. Ƙaramin mai 400V kuwa om biyu ko uku ba laifi ba ne a gare shi, a kwatanta da sabo irinsa.

In za a canja, a sa mai µF iri ɗaya, mai bolt daidai ko sama, mai 105°C da ƙaramin ESR, ƙafar da ke gefen zanen kuma ta koma inda ta tsohon take. In aka juya shi, fashewa zai yi.